Cincin da Awara: Nazarin Wani Ɗan Rubutun Talla

Talla tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, amma ta baka aka sani. Yarinya takan ɗauki faifai ko tire a ka, ta bi lungu-lungu tana ɗaga murya, “A sayi ƙosai!”, wanda ke bukata ya aiko yaro ya kira ta. A zamanin nan kuwa an sami wani sabon iri a manyan makarantu. Ɗalibi ko ɗaliba mai ɗan abin sayarwa, irin su cincin da gullisuwa da tuwon madara da awara, sai ta ɗauki hoton kayan, ta rubuta 'yan kalmomi a ƙarƙashinsa, ta aika wa abokan karatunta ta waya. Ba a ɗauki irin wannan rubutu a bakin kome ba, domin yau a karanta shi gobe a manta. Amma duk inda mutum ya zauna ya zaɓi kalma ya bar wata don ya cim ma wata bukata, to, akwai abin nazari a wurin. Ga ɗaya daga cikinsu, na wata ɗaliba, bayan an daidaita masa ƙa'idar rubutu:

“'Yan'uwana na kaina, yaya karatu? Ga cincin ɗinku fa ya sauka, garas-garas, ga kuma awara da zafinta. Ɗari biyu kacal ƙulli. A zo a taɓa, in an yi santi babu ruwana! Ina ƙofar ɗakin karatu bayan La'asar. Bashi dai a yi haƙuri, jarin Umma ne. Ku hanzarta kafin ya ƙare.”

Jimla bakwai ke nan. Kafin a shiga cikinsu ɗaya bayan ɗaya, ya kamata mai karatu ya lura da abin da tallan baka yake da shi wanda na rubutu ya rasa. 'Yar talla ba ta bukatar faɗin inda take, gama muryarta ita ce ke nuna wurin. Ba ta bukatar faɗin lokaci, domin sa'ad da aka ji ta, sa'an nan take nan. Kuɗin ma ba ta faɗa sai an tambaya. Saboda haka kalma uku sun ishe ta. Mai rubutu kuwa tilas ta saka wuri da lokaci da kuɗi cikin maganarta, ga shi kuma babu fuska, babu murmushi, babu ƙamshin mai. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Aikin da ke gaban wannan ɗaliba shi ne ta shimfiɗa fuska da baƙaƙe da wasula kaɗai.

Akwai kuma wata matsala da ta fi wannan nauyi. 'Yar talla ta gari tana sayar wa waɗanda suka girme ta, ko baƙin da ba ruwanta da su. Ita kuwa ɗaliba, masu sayen kayanta su ne waɗanda suke zama benci ɗaya da ita, suna aron littafinta, wasu ma ɗakin kwanansu ɗaya. In ta yi magana irin ta 'yan kasuwa zalla, sai a ce kuɗi ya shiga tsakani, ta zama baƙuwa. In ta yi maganar zumunci zalla, sai a cinye kayan a ce an gode. Dukan jimlolin nan bakwai tafiya ce tsakanin waɗannan ramuka biyu, da wannan ma'auni kuwa ya kamata a auna su.

Ta fara da gaisuwa, ba da kaya ba. Wannan daidai ne, domin Bahaushe ba ya faɗa wa mutum da bukata kafin ya tambayi lafiyarsa. Amma a duba irin gaisuwar. Ba ta yi doguwar sallama irin ta wasiƙa ba, ba ta kuma ce “jama'a” ba, wadda kalma ce ta mai shela da mai wa'azi, tana sa tazara tsakanin mai magana da masu sauraro. Ta ce “'yan'uwana”, ta ƙara da “na kaina”. Wannan ƙari ba ya kawo wani sabon labari, gama wanda yake ɗan'uwanka lalle naka ne. Aikinsa jawo mutum jiki ne, kamar yadda akan ce “mutumina na kaina” in an gamu da aboki a hanya. Sa'an nan “yaya karatu?” ta bi tsarin nan na gaisuwar Hausa da ake gai da kowa da abin da yake fama da shi, manomi da ruwa, ɗan kasuwa da kasuwa, matafiyi da hanya. Da kalma biyu ta tuna musu cewa ita ma wahalar nan ɗaya suke sha.

Jimla ta biyu ta fi sauran armashi. “Ga” kalma ce ta nuni, tana bukatar abin da ido zai gani, shi ya sa ta dace da rubutun ƙarƙashin hoto fiye da kowace. A tallan baka tire ne abin nunin, a nan kuwa hoto ya tsaya a madadinsa. Bayan haka sai ta ce “cincin ɗinku”. Ta fuskar nahawu babu abin mamaki: kalmar cincin baƙuwa ce, ta ƙare da baƙi, don haka ba ta karɓar ɗafin mallaka kai tsaye yadda “goro” yake zama “goronku”, sai an sa mata “ɗin” a tsakani. Abin lura shi ne ma'anar. Ba ta ce “cincin ɗina” ba, alhali kuwa nata ne, ita ta kwaɓa ta yanka ta soya. Ta mallaka musu shi tun ba su biya ba, kamar ajiya ce suka ba ta, yanzu su zo su karɓa. Aikatau ɗin da ta zaɓa shi ma haka. “Sauka” tana da fuska biyu a nan. Girki yakan sauka daga kan murhu, baƙo kuma yakan sauka a gida. Da fuska ta farko ta nuna sabon suya ne, da ta biyu ta mai da cincin wani baƙo da aka daɗe ana jira.

To, ga kuma 'yar ƙaramar kalmar nan “fa”. Masana nahawun Hausa sukan lissafa ta tare da “dai” da “ma” da “kam” da “kuwa” da “kuma”, watau ƙananan kalmomin da ba su da ma'ana tsayayya su kaɗai, amma su ne gishirin magana. A cire ta a karanta: “Ga cincin ɗinku ya sauka.” Labarin bai canja ba, amma ya zama sanarwa. Da “fa” kuwa sai ya zama kamar an taɓa kafaɗar mutum an ce masa kada ya ce ba a gaya masa ba. Yawancin masu koyon rubutun Hausa a makaranta sukan zubar da irin waɗannan kalmomi, suna zaton na hira ne, ba su cancanci takarda ba, shi ya sa rubutunsu yake fita lami. Ɗalibar nan, da yake ba jarrabawa take rubutawa ba, ta bar kunnenta ya yi mata jagora.

“Garas-garas” amsa-kama ce, tana kwaikwayon ƙarar abu busasshe a tsakanin haƙora. Hoto yana iya nuna launin cincin, ko ya yi ja ko ya ƙone, amma ba ya iya nuna ko ya sha iska ya yi laushi, wannan kuwa shi ne abin da mai saye yake tsoro. Ta zaɓi siffar da hoton ya kasa bayarwa. Da ta ce “mai daɗi”, da ba ta faɗi kome ba, domin ba a taɓa jin mai talla ta ce kayanta ba daɗi.

Ana zuwa jimla ta huɗu sai a tarar da abin da ya fi kome ban sha'awa ga mai nazarin harshe. Tun daga farkon rubutun har ƙarshensa babu kalmar “saya” ko ɗaya. Tallan gari kuwa a kanta aka gina shi: a sayi goro, a sayi fura. Ita ta musanya ta da “taɓa”, kalmar da mai gida yake faɗa wa baƙo in an ajiye akushi, “Bismilla, taɓa mana.” Ta ɗauko harshen karimci ta sa a gurbin harshen ciniki. Ba ta yi ƙarya ba, domin kuɗin yana nan a jimlar da ta gabata, amma ta raba kuɗin da gayyatar, kowanne da jimlarsa, don kada su gogi juna.

Sa'an nan a dubi wakilin sunan. Hausa tana da hanya uku da za a iya bi a nan. Akwai umurni tsirara, “Zo!”, wanda na mutum ɗaya ne, ya kuma yi kaifi ga wanda ake neman kuɗinsa. Akwai “ku zo”, wanda yake nuna mutane da yatsa. Akwai kuma “a zo”, wanda bai ambaci kowa ba. Wannan na uku shi ne na ladabi, shi ake yi wa manya, “a shigo”, “a zauna”, shi ne kuma na 'yar talla tun asali. Amfaninsa a nan babba ne. A cikin masu karanta rubutun akwai wanda aljihunsa babu ko sisi, ga wata ya yi nisa. In aka ce “ku zo”, an sa shi cikin lissafi, rashin zuwansa ya zama ƙi. In aka ce “a zo”, an bar masa ƙofa, ya wuce abinsa ba tare da kunya ba.

Maganar santi kuwa ita ce ta sa wa rubutun ƙuruciya. Santi, kamar yadda kowane Bahaushe ya sani, shi ne mutum yana cikin cin abu daɗi ya kwashe shi ya saki baki, ya yabi abincin ko ya kama wani zance da ba shi da kai, a yi masa dariya. Abin zolaya ne tsakanin tsara da abokan wasa, ba a yi wa surukai. Da ta ce “in an yi santi babu ruwana”, ta yabi kayanta ba tare da ta yabe su da bakinta ba, wanda in ta yi sai a ce ta cika baki. Ta kuma nuna cewa masu karatun tsaranta ne, akwai wasa tsakaninsu. Wannan jimla kaɗai ta isa ta nuna rubutun ba fassara ba ne. An yi tunaninsa da Hausa.

Yanzu sai batun bashi, wanda a kansa ne sana'ar take tsayawa ko ta faɗi. Ga misali don a ga girman abin. A ce fulawa da sukari da mai da leda da gawayi sun ci naira 6,000, aka sami ƙulli 40. In an sayar da kowanne naira 200, an tashi da naira 8,000, riba ta zama 2,000. To, ƙulli 10 kaɗai in suka tafi bashi ba su dawo ba, ribar ta tafi ɗungum, an yi tsayuwar murhu a banza. In suka kai 15, an fara cin uwar kuɗi. Ga shi kuwa an ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma masu karɓarsa a nan ba baƙi ba ne da za a ɗaure musu fuska. Mai kanti a kasuwa yakan rubuta “Ba bashi” a allo ya rataye, ya huta. Ita in ta rubuta haka bayan ta gama kiransu 'yan'uwanta na kanta, ta rushe abin da ta gina.

Dubi yadda ta fita. Ta fara gabatar da kalmar a gaba, “Bashi dai”, kamar mai amsa tambayar da ta san za a yi. “Dai” ta rage wa kalmar kaifi, ta kuma keɓe ta: kome an yarda, wannan ɗaya ne kawai banda. Ba ta ce “babu” ba, ta ce “a yi haƙuri”, wanda a bakin Bahaushe ƙi ne cikakke, kowa ya san haka, amma ƙi ne da yake ɗaukar mai roƙo a matsayin wanda aka ɓata wa. Ta kuma koma ga “a” ɗin nan da ba ya nuna kowa, don kada wata ƙawa ta ce da ita ake. Sa'an nan ta rufe da hujja: “jarin Umma ne.” Ta fitar da kanta daga cikin hukuncin, ta ɗora shi a kan wadda ba ta nan, wadda kuma ba mai iya jayayya da ita. Wa zai ce a ci kuɗin uwa? Ko jarin na Umma ne da gaske ko ba nata ba, wannan ba aikin mai nazari ba ne. Dabarar dai tsohuwa ce, ita ce ta 'yar talla da in aka matsa mata da neman ragi ko gyara sai ta ce aiko ta aka yi. Akwai ma ɗan sauyi mai daɗi a nan: cincin da aka ce “naku” a jimla ta biyu, ga shi a ta shida an tuna musu cewa yana da mai shi.

Duk da haka rubutun bai kuɓuta daga aibu ba, aibin kuwa ya taru ne a wajen abubuwan nan da tallan baka ba ya bukatar faɗa. Ta ambaci kaya iri biyu, ta faɗi kuɗi ɗaya. “Ɗari biyu kacal ƙulli” na cincin ne, gama shi ake ƙullawa a leda. Awara fa? Akan sayar da ita da yanka-yanka, gwargwadon kuɗin mutum. Wanda awara ta kawo shi bai san ko nawa zai riƙo ba, sai ya tambaya a gaban mutane, wannan kuwa ita ce kunyar da sauran rubutun ya yi ta ƙoƙarin kawarwa. Nahawu ma ya tona wannan mantuwa. A jimlar ƙarshe ta ce “kafin ya ƙare”. “Ya” na namiji ne tilo, ya dace da cincin. Awara mace ce, ita da kanta ta ce “da zafinta”. Kaya biyu kuwa “su” suke bukata, “kafin su ƙare”. Ana iya ganewa daga nan cewa don cincin aka tsara tallan, aka cusa awara daga baya.

Wurin da ta faɗa shi ma bai tsaya ba. “Ɗakin karatu” yana iya zama laburare, yana iya zama aji, a jami'a kuwa azuzuwa ba su ƙirguwa. Da ta ce laburare, kalmar da ɗalibai suke faɗa da bakinsu, da magana ta ƙare. “Bayan La'asar” kyakkyawan zaɓi ne ta wata fuska, domin awon lokaci da salla ya fi agogo kusa da zuciya, kuma lokacin ne cikin ɗalibi yake fara kira. Amma bayan La'asar ɗin wace rana? Murya tana mutuwa da an rufe baki, rubutu kuwa yana kwana. Wanda ya gani washegari zai je ya tsaya a banza. Kalma ɗaya, “yau” ko “kullum”, ta isa. Haka kuma “da zafinta” alkawari ne da rubutu ba ya iya riƙewa. Cincin yana yin kwanaki yana garas-garas in an rufe shi da kyau, awara kuwa ba ta daɗewa take hucewa.

Jimlar ƙarshe ita ce mafi rauni. Bayan ta lallaɓa mutane da “a zo” da “a yi haƙuri”, sai ta juya ta ce “Ku hanzarta”. Muryar ta canja. Wannan ba maganar ɗaliba da ƙawayenta ba ce, maganar tallan rediyo ce, irin ta masu sayar da magani da takin zamani, an ji ta har ta gundura. “Hanzarta” ma kalma ce ta sanarwa, ba a cika jin ta a hirar tsara ba. Da ta ce “Kada a ce ban faɗa ba”, ko kuwa ta tsaya a kan jarin Umma, da rubutun ya ƙare da muryar da ya fara da ita.

Saura batun ƙa'idar rubutu. A ainihin yadda ta rubuta babu ƙugiya ko ɗaya, ta kuma haɗe wakilin suna da aikatau, ta rubuta “azo ataba” da “yakare”. Baƙaƙen nan masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sun shiga rubutun boko tun shekarun 1930, ƙa'ida kuma ta daɗe da tabbatar da cewa a raba wakilin suna da aikatau. Ba sabon abu aka nema gare ta ba. Gaskiya ne mai karatu Bahaushe ba zai ɓata ba, domin ya saba karanta rubutun da ba a nuna masa karin sauti ko tsawon wasali, zancen da ke kewaye shi ke yi masa jagora. Ba wanda zai ga hoton cincin ya zaci “kare” ɗin nan mai haushi ake nufi. Amma abin dariya ne a ce kalmar da ta fi kowace taushi a rubutun, “taɓa”, da ƙugiyarta ta faɗi sai ta koma “taba”, wadda ake busawa. Ga ɗan makarantar da Hausa ba harshen gidansu ba ce kuwa, irinsu suna da yawa a jami'o'in Arewa, suna kuma cin cincin kamar kowa, “ataba” a haɗe ba kalma ba ce da zai samu a ƙamus ko ya nema.